Yadda ake bayanin atamfa da leshi ga mai sayen da bai taɓa su da hannu ba

Mai saye da ke tsaye gaban kaya ba ya buƙatar dogon bayani. Zai ware turmin, ya murza, ya ɗaga wa haske, hannunsa ya gaya masa abin da yake son sani. Wanda ke nesa kuwa, hoto kawai yake gani, sai abin da ka rubuta masa. Idan duk abin da ka rubuta shi ne "mai kyau ce, ba ta zuba, ga laushi", ba ka ba shi komai ba, domin kowane mai kaya haka yake cewa. Abin da zai amfane shi shi ne awo: tsawo nawa, faɗi nawa, nauyi nawa, yaya take a hannu bayan wanki, me ya faru da aka jiƙa ta. Zan bi wannan aiki daki-daki da turmin atamfa ɗaya da leshi ɗaya, har mu kai ga rubutun da za a aika.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo irin na tela mai inci a gefe ɗaya da santimita a ɗayan, ƙaramin sikeli mai nuna giram, farin ƙyalle na auduga, kwano, sabulu, da tebur ko shimfiɗa mai faɗi.

Fara da tsawo, kuma ka auna da kanka

Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91.44. Atamfa an fi sayar da ita yadi shida-shida, akwai kuma mai yadi goma sha biyu da ake rabawa biyu. Leshi kuwa yadi biyar aka fi yankawa. Wannan ne ya sa kalmar "turmi" ita kaɗai ba ta isa bayani ba. Wani yana jin turmi ya ɗauka shida, wani sha biyu, wani kuma ya sayi leshi yana zaton shida ne kamar atamfa, sai tela ya gaya masa biyar ne. Kullum ka haɗa kalmar da lamba: turmi mai yadi 6, leshi yadi 5.

Kada ka dogara da takardar da ke manne a jiki, kada kuma ka ƙirga ninki ka ce kowane ninki yadi ne. Ware kayan gaba ɗaya, ka shimfiɗa, ka lallashe ƙudurin ninkin da tafin hannu, ka bi gefe da tef. Yadi shida ya kamata ya ba ka inci 216, yadi biyar inci 180. Atamfar da ke gabanmu ta ba da 215, wannan kuwa cikakken turmi ne, inci ɗaya na iya ɓacewa a wurin yanka ko a ƙudurin ninki. Leshin ya ba da 178. Inci biyu ba su da yawa, amma zan rubuta su, domin leshi yana da zanen da ke maimaita kansa, kuma inci biyun nan na iya zama rabin furen da tela yake buƙata a hannun riga.

Wurin auna leshi kada ka ja. Mai raga yana miƙewa, idan ka ja shi da tef sai ya ƙara maka inci uku ko huɗu waɗanda za su koma da zarar ka saki. Bar shi ya kwanta yadda yake so, sannan ka auna.

Akwai kuma rikicin mita da yadi. Yadi shida mita 5.49 ne, yadi biyar mita 4.57. Idan mai saye da mita yake lissafi, ka ce masa "biyar" ba ka faɗi na me ba, zai jira mita biyar, kayan su zo da gibin santimita 43, kusan rabin yadi. Rubuta duka biyun, ba zai ci maka komai ba.

Faɗi shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi ɓata ɗinki

Ga dalilin da ya sa nake daɗewa a kan faɗi. Idan aka ɗaura zani ko aka ɗinka doguwar siket daga atamfa, tsawon yadin shi ke zagaye jiki, faɗin kuma shi ne ke sauka daga ƙugu zuwa idon sawu. Ke nan ga mace doguwa, bambancin inci 44 da 47 shi ne bambancin tufar da ta rufe ƙafa da wadda ta ɗage. Ƙara mata yadi ba zai gyara ba, domin matsalar ba ta tsawo ba ce.

Atamfa yawanci tana tsakanin inci 44 zuwa 48. Ka auna daga baki zuwa baki a wuri uku: kusa da farko, tsakiya, kusa da ƙarshe. Tamu ta ba da 46, 46, da 45 da rabi. Ƙaramar lambar ita za ka riƙe, don ita ce tela zai iya dogara da ita. Sannan ka duba bakin zanen, inda ake buga sunan kamfani da lambar zane. Idan bakin fari ne ko rubutu ya cika shi, ba zai shiga fuskar ɗinki ba, sai ka cire shi daga lissafi. A tamu, bayan cire bakin, inci 45 ne masu amfani.

Leshi ya fi wuyar sha'ani. Yawanci ya fi atamfa faɗi, kusan inci 50 zuwa 52, amma lambar nan tana ruɗi. Bakinsa sau da yawa ba miƙaƙƙe ba ne, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto ko lanƙwasar fure. Idan ka auna daga tsinin wannan baki zuwa tsinin wancan, za ka samu 52, idan ka auna daga kwarin zuwa kwarin, 49. Wani leshin kuma yana da filin raga ko na auduga a gefe wanda ba a yi wa aiki ba, ana yanke shi a zubar. Don haka lamba biyu za ka bayar: faɗin duka, da faɗin wurin da aiki ya rufe.

Kafin ka naɗe leshin, duba abu uku ka rubuta. Shin bakin ado yana gefe biyu ne ko gefe ɗaya? Shin aikin ya cika ko'ina daidai, ko ya yi kauri a ƙasa yana raguwa zuwa sama? Shin furen yana da sama da ƙasa, ko duk yadda aka juya shi daidai ne? Tela da ya san amsar nan zai iya faɗa wa mai kaya tun kafin saye ko yadi biyar za su isa. Leshin da furensa ke kallon gefe guda yana cin yadi, domin ba a juya shi a cike gurbi. Haka ma atamfa mai manyan zane: auna tazarar da ke tsakanin fure da ɗan'uwansa da ya maimaita shi. Idan inci 18 ce, faɗi haka, don haɗa zane a gaban riga yana jawo asarar ƙyalle.

Nauyi

Cire leda da kwali da takardar manne, ka naɗe kayan ka ɗora a sikeli. Atamfarmu ta yi giram 720. Raba da shida, kowane yadi giram 120 ke nan. Wannan lambar ta wadatar ga yawancin masu saye, tana kuma taimaka wa wanda zai lissafa nauyin aike.

Sai dai nauyin yadi ba ya kwatanta atamfa biyu idan faɗinsu ya bambanta, tunda mai faɗi za ta fi nauyi ko da saƙarta ta fi sirara. Masaƙa suna lissafi da giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya, abin da za ka gani an rubuta GSM a takardun kaya. Lissafin mai sauƙi ne. Tsawo a mita sau faɗi a mita: 5.49 sau 1.17, wato faɗin inci 46 a mita, ya ba da 6.42. Raba 720 da 6.42, ka samu kusan 112. Ita ce lambar da za ka iya jerawa da ta kowace atamfa komai faɗinta.

A nan akwai tarko. Sabuwar atamfa tana ɗauke da sitati da sauran abin da masaƙa ke shafawa don ta yi tauri da sheƙi, kuma wannan ma yana da nauyi. Idan kana da rabin yadi na gwaji, auna shi, ka wanke, ka bari ya bushe sarai, ka sake aunawa. Namu ya tashi daga giram 60 zuwa 55. Wanda ya faɗi daga 60 zuwa 48 kuwa, kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa sitati ne, kuma mai saye zai ga atamfarsa ta zama shara-shara bayan wankin farko. Ba sai ka wanke kowane turmi ba, gwaji ɗaya ya isa ga duk kayan da suka fito daga dila ɗaya.

A leshi nauyi ba ya nufin inganci, yana nuna yadda kayan zai zauna a jiki ne. Namu ya yi giram 1,450, wato 290 a yadi, ya ninka atamfar fiye da sau biyu, saboda kaurin zare da duwatsun da ke jiki. Mai nauyi irin wannan yana zubowa ƙasa da kyau, amma yana jan kafaɗa, yana kuma buƙatar shafi mai ƙwari. Wanda zai wuni da shi a jiki ya kamata ya sani.

Yadda take a hannu

Nan ne babu lamba, shi ya sa mutane ke fakewa da "laushi". Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ka faɗi abin da ka yi da abin da ya biyo baya. Dunƙule gefen zanen a tafin hannu, ka ƙirga goma, ka saki. Auduga zalla za ta riƙe ƙudurin, mai roba za ta warware nan take kamar ba a taɓa ta ba. Rataya yadi ɗaya a hannunka ka gani: tana tsayawa ƙiƙam ne ko tana zubowa? Murza kusurwa tsakanin yatsu da ƙarfi, idan wurin ya yi laushi ya bar farin gari a yatsa, taurin na sitati ne, zai tafi. Ɗaga wa haske ka sa hannu a baya, idan kana ganin yatsunka sarai, rubuta cewa tana buƙatar shafi.

Juya bayan atamfar ma. Wadda aka yi da kakin gaske, wato aka buga mata zane da kaki kafin a rina, rini yana ratsa ta gaba da baya, har da wuya ka gane fuska, kuma za ka ga 'yan tsage-tsage da ɗigo-ɗigo da ba sa maimaituwa daidai daga wannan yadi zuwa wancan. Wadda aka buga da na'ura a fuska ɗaya, bayanta yakan yi fari-fari, tsagen kwaikwayon kuma yana dawowa iri ɗaya a kowace maimaitawa. Akwai bugun da ake yi fuska biyu don ya yi kama da ta kaki, saboda haka kada ka yanke hukunci da baya kaɗai. Idan ba ka tabbata ba, rubuta abin da ido ya gani: "launi ɗaya ne gaba da baya". Wannan gaskiya ce da ba za a kama ka da ita ba.

Idan kana shakkar auduga ce ko roba, zare 'yan zaruruwa daga bakin yanka, ka riƙe da hantsaki a kan kwano, ka kusantar da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma irin na takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana ƙanƙancewa ta narke, ta bar ƙwallo mai tauri. Gauraye yana nuna duka biyun. Zaro daga tsaye da kwance daban-daban, domin wani lokaci zaren tsaye daban ne da na kwance.

Leshi kuwa fara da bayyana ƙasansa: auduga ce sirara aka yi wa aiki a kai, ko raga ce, ko kuwa ba shi da ƙasa sam, zare ne kawai a sarƙe da juna da ramuka a tsakani? Daga nan ka shafa bayansa a cikin damtsenka, inda fata ta fi laushi. Tafin hannu ba ya jin kaushin zaren ƙyalli, damtse yana ji, kuma wuyan mai sakawa ma zai ji. Idan akwai duwatsu, sa farce ka ɗan taɓa ɗaya ka leƙa bayansa. Na ɗinki za ka ga zare, na manne babu. A rubuta wannan, domin dutsen manne ba ya son ruwan zafi, ba ya son guga kai tsaye.

Zuba da koɗewa ba abu ɗaya ba ne

Tambayar da kowa ke yi ita ce "tana zuba?", kuma amsar "a'a" ba tare da gwaji ba ita ce ta fi jawo dawo da kaya. Abubuwa uku ne daban a ƙarƙashin tambayar. Akwai launin da ke gogewa ya shafi wani abu, kamar shafi ko farar jaka. Akwai wanda ke fita a ruwan wanki. Akwai kuma wanda rana ke cinyewa a hankali, shi ne koɗewa. Atamfa na iya tsallake biyu ta faɗi a ɗaya.

Gwajin goga shi ne na farko. Naɗa busasshen farin ƙyalle a yatsa, ka goga a wurin da launi ya fi duhu, kai da komowa sau goma, da ɗan ƙarfi. Duba ƙyallen. Sannan ka jiƙa wani wurin na ƙyallen, ka matse, ka maimaita. Jiƙaƙƙen kusan kullum ya fi ɗaukar launi, kuma shi ne ke nuna abin da gumi zai iya yi. Gwada kowane launi daban, musamman shuɗi mai duhu, ja da baƙi, don su suka fi barin shaida.

Na biyu, wanki. Yanki ƙyalle murabba'i, ka sa masa alamar santimita 20 tsaye da kwance da biro, ka ɗinka shi da farin ƙyalle fuska da fuska. Jiƙa a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, da ɗan sabulu, minti talatin, kana motsawa jefi-jefi. Ɗauraye, ka shanya a inuwa, ka ajiye wani yankin da ba a wanke ba don kwatanci. Abu uku za ka duba: launin ruwan, farin ƙyallen, da yankin kansa idan an jera shi da wanda ba a wanke ba.

Fassarar sakamakon ita ce inda ake kuskure. Ruwa ya canza launi a wankin farko, amma farin ƙyalle bai kama ba, zanen kuma bai dushe ba: wannan rarar rini ce da ba a gama ɗaurayewa a masaƙa ba, tana tafiya a wanki ɗaya ko biyu. Maimaita gwajin da yankin nan dai. Idan ruwa na biyu ya yi haske, na uku ya fito garau, magana ta ƙare. Idan kuwa ruwa na uku yana nan da launi, ko farin ƙyallen ya rine, ko ja ya malala cikin farin da ke jikin zanen, wannan ita ce zuba ta gaske, kuma dole a faɗa. Tamu ta ba da ruwa mai ɗan shuɗi a karon farko, na biyu garau, farin ƙyalle bai kama ba.

Tunda yankin ya bushe, auna alamar nan. Santimita 20 ta koma 19.4 a tsaye, ta shige da kashi uku cikin ɗari ke nan. A ƙaramin ƙyalle ba a gani, amma a yadi shida ya kai inci shida da rabi. Mai saye da ya san haka zai wanke kafin ya kai ɗinki.

Na uku yana son haƙuri. Rufe rabin yanki da kwali, ka bar shi inda rana ke bugu na 'yan kwanaki, sannan ka buɗe ka ga ko layi ya fito tsakanin rufaffen da buɗaɗɗen. Ka faɗi kwana nawa ka bari, don kwana uku da kwana goma ba ɗaya ba ne. Idan ba ka yi gwajin ba, kada ka rubuta "ba ta koɗewa".

Wani lokaci kaya kan zo da takardar gwaji daga masaƙa mai lambobi ƙarƙashin ISO 105, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta gwajin riƙon launi. Ma'aunin wanki da goga daga 1 zuwa 5 ne, 5 ce mafi kyau, na hasken rana kuma daga 1 zuwa 8. Saboda haka 4 a wanki sakamako ne mai kyau, 4 a rana kuwa tsaka-tsaki ne. Idan za ka kwafi lambar, faɗi ta wane gwaji ce.

A leshi ka tuna cewa ƙasa da zaren aiki sau da yawa ba jinsi ɗaya ba ne, rininsu ma daban. Goga kowanne shi kaɗai. Bayan wanki kuma duba ko ƙasan auduga ta shige ta bar zaren aikin ya tattare, don wannan tattarewar guga ba ta cika gyara ta ba.

Launi kansa ka bayyana shi da baki, kada ka bar wa hoto, tunda kowace waya da yadda take nuna shi. Duba kayan a hasken rana cikin inuwa, ka fara da launin ƙasa, sannan na zane bisa yawansu.

Rubutun da za a aika

Jera shi yadda mai saye ke tambaya: mene ne, nawa ne a awo, yaya yake, me gwaji ya nuna, wane aibi ke jiki. Ga na atamfar:

"Atamfa, auduga zalla. Turmi mai yadi 6, mita 5.49. Faɗi inci 45 da rabi, mai amfani 45 bayan cire baki. Nauyi giram 720, wato 120 a yadi. Ƙasa shuɗi mai duhu, manyan ganye ruwan ɗorawa da fari, zanen yana maimaituwa duk inci 18. Launi ɗaya gaba da baya. Tana da tauri da sheƙi yanzu, tana laushi bayan wanki, ba ta nuna jiki. Ruwan wankin farko ya yi ɗan shuɗi, na biyu garau, ba ta rina farin ƙyalle ba. Tana shigewa kusan kashi 3 cikin ɗari a tsaye, a wanke kafin ɗinki."

Ga na leshin:

"Leshi mai ƙasan raga, ruwan zuma, aikin zare mai kauri da duwatsun manne. Yadi 5 saura inci biyu, inci 178. Faɗi inci 52 daga tsini zuwa tsini, 49 a kwarin baki. Bakin ado gefe biyu, fure yana kallon gefe guda. Nauyi giram 1,450, wato 290 a yadi. Yana nuna jiki, bayansa da ɗan kaushi, yana buƙatar shafi. Bai bar launi a busasshen ƙyalle ko jiƙaƙƙe ba. A wanke da hannu a ruwan sanyi, a goge ta baya da ƙyalle a tsakani. Dutse biyu sun fita kusa da ƙarshen yanka, ga hoton wurin."